Shekara Goma a Bayan Kanta: Me Mai Shago Zai Ce wa Jama'arsa?

Bayan sallar la'asar aka fi yin irin wannan taro, lokacin da rana ta yi sanyi, ciniki bai kai ga cunkoson magariba ba. A ja benci biyu ko uku zuwa ƙofar shago, a shimfiɗa tabarmi, a aro kujerun roba daga maƙwabta. Limamin unguwa ya buɗe da addu'a, a raba lemo da cincin, sannan a ce wa mai shago ya tashi ya ce wani abu. A nan ne mutumin da yake iya lissafin kuɗin kaya ashirin a ka ba tare da kalkuleta ba zai ji bakinsa ya yi nauyi. Abin da ya saba faɗa shi ne "me za a kawo?" da "Allah ya amfana". Yau kuwa ana so ya tattara shekara goma ya zuba a cikin minti biyar.

Yawancin masu shago na tsallake wannan siraɗi da jimla ɗaya: muna godiya ga kowa da kowa, Allah ya bar zumunci. Ba laifi ba ne, amma ni a ganina asara ce. Duk wanda ya riƙe shagon tireda na unguwa shekara goma yana da littafin bashi da ke ɗauke da sunayen waɗanda yake bi. Akwai kuma wani bashin da ba a taɓa rubutawa ba, wanda shi ake bi, kuma wannan jawabi ne kaɗai ranar da zai iya karanto shi a gaban masu shi.

Mu ɗauki misalin mai tireda a wata unguwa a Kano wanda ya buɗe a 2014 ya cika goma a 2024. Ranar da ya fara jera kaya a kan kanta, litar fetur naira 97 ce. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira dubu. Buhun shinkafa mai kilo 50 da ake samu a wajen naira dubu goma ya ninka sau bakwai ko fiye. A tsakani ya ga karyewar naira ta 2016, ya ga rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ya ga kullen korona na 2020 lokacin da sai ranakun da gwamnati ta ware ake fita cefane. Ya ga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 bayan canjin naira, sannan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu na shekarar. Mutanen da ke zaune a kan tabarma duk sun san waɗannan, sun sha su a jikinsu. Saboda haka ba labarin Nijeriya suke jira ya ba su ba. Abin da ba su sani ba shi ne yadda kowace guguwa ta shigo cikin shagon nan, da wanda ya tare ta.

Wanda bai taɓa riƙe shago ba yana zaton tashin farashi riba ce ga mai kaya. Ga yadda abin yake. Ka saro katan ɗin taliya a kan dubu takwas, ka sayar da shi ɗai-ɗai ka haɗa dubu tara. A takarda ka ci dubu ɗaya. Ka koma Kasuwar Singa da dubu taranka ka tarar katan ya koma dubu goma. Kuɗin hannunka sun ƙaru, kayan kantarka sun ragu. Idan kuma rabin katan ɗin bashi ka bayar, za a biya ka ƙarshen wata da tsohon farashi, to jarin ne yake zagwanyewa kana kallo. Mai shagon da ya fahimci wannan ya san cewa ma'aikacin nan da ba ya wuce ranar albashi bai zo ya goge sunansa daga littafi ba, shi ne ya riƙe masa jari. Ya kamata jama'a su ji haka daga bakinsa. Zai iya cewa: "Akwai waɗanda a cikinku ban taɓa aika musu yaro ba. Da kansu suke zuwa. Ku sani da kuɗinku na koma kasuwa, ba da nawa ba."

A lura, bai kama suna ba. A nan ne wahalar jawabin take, kuma a nan aka fi yin tuntuɓe. Godiyar da ba ta da takamaiman abu iska ce, amma mai tireda yana riƙe da sirrin unguwa fiye da yadda ake tsammani. Ya san gidan da aka sauko daga sayen kwano zuwa rabin kwano, daga rabi zuwa gwangwani. Ya san matar da take aiko da yaro bayan isha'i don kada a ga abin da aka ƙullo. Ya san magidancin da ke sa babbar riga ranar Juma'a alhali shafinsa a littafi ya cika an juya. Na taɓa halartar irin wannan walima inda mai shago, da nufin raha, ya nuna wani dattijo ya ce wannan tun shekarar farko yake cin bashinsa. Aka yi dariya, dattijon ma ya yi murmushi. Amma na ga yadda ya sunkuyar da kai yana gyara hularsa, kuma bai tsaya an shafa addu'a da shi ba. Abin ya tsaya mini a rai har yau, domin na san mai shagon ƙaunarsa yake yi. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ana kama sunan mutum a kan alherin da ya yi, ba a kama shi a kan alherin da aka yi masa. Maƙwabcin da ya ja maka waya daga janaretansa don kada kayan firij su lalace, faɗi sunansa da babbar murya. Wanda ka ɗaga wa ƙafa lokacin kulle, bar shi tsakaninka da Allah.

Lokacin ƙarancin kuɗi na 2023 ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin a lokacin ne amana ta juya ta zama ta ɓangare biyu. Mai saye zai yi tiransifa, a cire kuɗin daga asusunsa, alat bai shigo wayar mai shago ba, sabis ya tsaya. Ko dai a bar shi ya tafi da kaya bisa yarda, ko ya bar kuɗinsa a iska ya koma gida hannu wofi. Sau da yawa mai shago ya saki kaya. Sau da yawa kuma kwastoma ya dawo washegari ya ce kuɗin sun dawo masa, ga su. Babu mai iya kama shi da ya yi shiru. Irin wannan mutum ko sunansa ba a faɗa ba, zai gane kansa a cikin maganar, kuma 'ya'yansa da ke wurin za su ji.

Akwai kwastomomin da ba sa zama a kan tabarmar. Kaso mai yawa na cinikin tireda daga cikin gidaje yake fitowa: uwargida ce ke yanke shawarar shagon da za a je, yara ne ke kawo kuɗin a dunƙule a hannu suna maimaita saƙo don kada su manta, magi na hamsin, omo na ɗari, a ba ni canji. Mai shago mai hankali zai ce wa mazan da ke wurin su isar da gaisuwarsa ga iyayenmu mata na cikin gida, ya kuma tabbata an shigar musu da rabonsu na walima. Yaran kuwa, wanda yake ɗan shekara takwas ranar buɗe shago yanzu ya zama saurayi. A ba su alewa, a kuma ambace su.

Sai yaran shago. Nan magana kaɗai ba ta isa ba, kuma kowa a wurin ya sani. Yaron shago shi ne mai buɗewa da sassafe, mai share ƙofa, mai ƙulla sukari da gishiri a leda, mai sauke kaya daga a-daidaita-sahu, mai shan faɗan kwastoma idan farashi ya tashi alhali ba shi ya ƙara ba. A al'adar kasuwancinmu alaƙarsa da maigidansa ba ta albashi kaɗai ba ce. Akwai fata, ko ba a furta ba, cewa in ya daɗe ya riƙe amana za a sallame shi da jari, ko a buɗe masa wani wuri, ko a tsaya masa a aurensa. Idan maigida ya miƙe ya ce "wannan ɗana ne" a gaban jama'a, ga yaro ya shekara bakwai ba a taɓa zama da shi a kan makomarsa ba, yabon zai zame masa ɗaci. Gara a zauna da shi tun kafin ranar, a yanke abin da za a iya: kayan da za a ɗebar masa daga kanta, kuɗin hayar rumfa na shekara, da kai shi wurin dilan Singa a ce wannan nawa ne, a ba shi kaya ni na tsaya masa. Wannan na ƙarshen ya fi kuɗi daraja, domin ƙaramin ɗan kasuwa da yardar dila yake tashi. In an riga an gama wannan, sai jawabi ya zama sanarwa. In kuwa hali bai kai ba, kada a yi alkawari don daɗin taro. A faɗi abin da yaro ya yi wanda ido ya gani, kamar watan da maigida ya kwanta jinya ya dawo ya tarar da lissafi bai yi giɓin ko naira ɗaya ba.

Jawabin Bahaushe ba ya cika sai da neman yafiya, kuma ga mai awo wannan ba ado ba ne. Shekara goma yana cika kwano yana sharewa, yana ba da canji cikin duhu idan an ɗauke wuta, wani lokaci ya ba da alewa a madadin naira ashirin, wani lokaci madarar da ta kwana biyu ta fita bai duba kwanan wata ba. Dole an yi kuskure. Ya faɗi irin kuskuren da sunansa: in na tauye wa wani mudu, in na riƙe wa wani canji, in na ɗaga wa ɗan wani murya, a yafe mini, wanda kuma yake da haƙƙi ya same ni. Jama'a za su amsa da "mun yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya", kuma daga yadda amsar ta fito zai san inda yake a wurinsu.

Wasu kan so su rufe da yafe tsofaffin basussuka, musamman na waɗanda suka rasu ko suka rasa aiki. Abu ne mai kyau, amma ba a buɗe littafi a gaban taro. A ce kawai akwai shafukan da aka ja wa layi. Bayan an watse, idan an fito daga sallar magariba, sai maigida ya bi gidajen da kansa, ko ya aika babban yaronsa, a yi sallama a ƙofa a faɗa wa kowa nasa a hankali.