Haɗa Hotuna Su Zama Fanorama: Me Ke Sa Wurin Haɗin Ya Fito Fili?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban doguwar makaranta ko filin idi da waya a hannu ya san cewa kyamara ba ta iya kwashe abin da ido ke gani a hoto guda. Dabarar da aka saba ita ce a ɗauki hotuna huɗu ko biyar daga hagu zuwa dama, kowanne ya ɗan hau kan na gabansa, sannan a haɗe su su zama hoto ɗaya mai faɗi, wato fanorama. Wayoyi suna yin hakan da kansu, amma mai son hoto mai girman da za a buga a allo, ko mai tarin hotunan da zai haɗa, yakan rubuta ɗan gajeren shiri a kwamfuta ya yi masa aikin. Da harshen Python da kayan aikin OpenCV, waɗanda duka kyauta ne, abin bai wuce wannan ba:

```python
import cv2, glob

hotuna = [cv2.imread(f) for f in sorted(glob.glob("hoto_*.jpg"))]
mai_hadi = cv2.Stitcher_create(cv2.Stitcher_PANORAMA)
lamba, sakamako = mai_hadi.stitch(hotuna)
if lamba == 0:
    cv2.imwrite("fanorama.jpg", sakamako)
else:
    print("An kasa, lamba:", lamba)
```

Idan lambar ta dawo 0, aiki ya yi. Idan ta dawo 1, shirin bai sami isassun hotunan da suka dace da juna ba, kuma galibi dalilin shi ne ba su hau kan juna sosai ba. Sai dai 0 ba ta nufin hoton ya yi kyau. Sau da yawa mutum zai buɗe shi ya ga wayar lantarki ta tsinke a tsakiya, ko rabin sararin sama ya fi ɗaya rabin duhu, ko wani yaro da kai biyu. A nan ne akasarin mutane ke komawa su yi ta taɓe-taɓen shirin, alhali mafi yawan waɗannan lahani tun lokacin ɗaukar hoto aka yi su.

Kafin a gane haka, sai an san abin da shirin ke yi. Da farko yana bin kowane hoto yana neman wurare masu alama: kusurwar taga, tsagewar bango, harafi a jikin allo. Daga nan ya nemi alamun da suka bayyana a hotuna biyu, ya haɗa su biyu-biyu. Wasu haɗe-haɗen kuskure ne, musamman a gini mai tagogi iri ɗaya, don haka yakan tace su da wata dabara mai suna RANSAC, wadda Fischler da Bolles suka wallafa a 1981. Dabarar tana zaɓar alamu huɗu ta yi lissafin yadda za a shimfiɗa hoto ɗaya a kan ɗayan, ta duba alamu nawa ne suka yarda da wannan lissafi, ta sake zaɓar wasu huɗu, har ta tsaya a kan wanda mafi rinjaye suka amince da shi. Bayan haka shirin zai lanƙwasa hotunan su zauna a kan juna, ya daidaita haskensu, ya zaɓi layin da zai yanke ɗaya ya ci gaba da ɗayan, sannan ya shafe bakin yankan. Aiki ne irin na telan da ke haɗa fallen atamfa biyu: in zanen bai zo daidai ba tun wajen yanka, kyan zare ba zai ɓoye ɗinkin ba.

A cikin duk wannan lissafi akwai sharaɗi guda da shirin ya ɗauka an cika masa: cewa idon kyamara bai gusa daga wurinsa ba, juyawa kawai ya yi. Karya wannan sharaɗi shi ne babban abin da ke tsinka layuka. Ka miƙa ɗan yatsanka a gabanka, ka rufe idon hagu, sannan ka buɗe shi ka rufe na dama. Za ka ga yatsan ya yi tsalle a kan abin da ke bayansa, don idanun biyu ba daga wuri ɗaya suke kallo ba. Abin da ke kusa yana gocewa da yawa, na nesa kuwa kaɗan.

Mu ɗauki misali da lambobi. Wani malami na son hoton makarantarsu daga bakin fili. Ginin yana da nisan mita 100, amma akwai turken lantarki mita 3 kacal a gabansa. Ya riƙe waya kamar santimita 30 daga ƙirjinsa, yana juya jikinsa gaba ɗaya, digiri 40 tsakanin hoto da hoto. A kowane juyi, idon kyamarar ya yi tafiyar kusan santimita 20 zuwa gefe, ba tare da malamin ya sani ba. A ce kyamarar tana ganin faɗin digiri 66 kuma hoton yana da ɗigo 4000 daga gefe zuwa gefe, wato kusan ɗigo 60 a kowane digiri. Gusawar santimita 20 za ta kautar da turken da ke mita 3 da kusan digiri 4, kimanin ɗigo 230 ke nan. Ginin da ke mita 100 kuwa ɗigo 7 kawai zai kauce. Shirin yana da lissafi ɗaya tak da zai shimfiɗa hoton duka da shi. Tunda alamu sun fi yawa a jikin gini, zai daidaita ginin, turken kuma ya zauna a wurare biyu da tazarar fiye da ɗigo 200 a tsakaninsu. Ko dai ya fito biyu, ko layin yanka ya ratsa shi sama da ƙasa su rabu, wayoyin da ke kansa su tsinke.

Babu abin da za a sauya a shirin ya gyara wannan, domin hotunan biyu sun saɓa a kan abin da ke bayan turken: ɗaya ya ga taga, ɗayan bai gan ta ba. Gyaran yana hannun mai ɗauka. Da malamin ya tsaya cik ya juya wayar ita kaɗai, idon kyamara yana nan a wuri guda, ko da ya gusa da santimita 1 turken zai kauce da ɗigo 11 ne kawai, abin da shirin zai iya kewayewa. Wasu sukan ɗora wayar a kan sanda, idon kyamara daidai saitin kan sandar, su murza sandar. Masu sana'ar suna da kan tirafod na musamman don wannan aiki. Hanya mafi sauƙi kuwa ita ce a canza wurin tsayawa, ko a tsara ɗaukar yadda turken zai faɗo tsakiyar hoto ɗaya, nesa da inda hotuna ke hawa juna. Wannan ne ma ya sa hoton birnin Kano daga saman Dutsen Dala ke haɗuwa lafiya ko da an ɗauka da hannu: kusan komai yana nesa.

Alamar wannan lahani a bayyane take. Abubuwan nesa sun haɗu sumul, na kusa ne suka karye. Idan kuwa har layukan nesa, kamar bakin rufi, suna ɗan karyewa a gefunan hotuna, to a zargi gilashin kyamara. Gilashi mai kwasar faɗi yakan lanƙwasa miƙaƙƙen layi a gefe, kuma shirin da ke sama ba ya gyara wannan. Manhajar Hugin, wadda ita ma kyauta ce kuma ana iya sarrafa ta da umarni a rubuce, tana lissafa wannan lanƙwasa ta cire ta.

Lahani na biyu bai shafi layuka ba. Komai ya zauna daidai, amma ana ganin inda haske ya canza, musamman a sararin sama. Kyamara tana auna haske sabo a kowane hoto. Idan ta fuskanci ɓangaren rana ta buɗe ido na 1/500 na daƙiƙa, sannan ta juya inuwa ta buɗe na 1/250, hoto na biyu ya sha haske ninki biyu. Haka take yi da launi: bango ɗaya ya fito ja-ja a nan, shuɗi-shuɗi a can. Ga kuma halin gilashi na dusashe haske a kusurwoyi, kuma gefe da gefe ake haɗawa, shi ya sa wani lokaci ake ganin duhu-duhu yana maimaituwa a sama a tazara iri ɗaya.

A nan shirin yana da abin yi. Yana kwatanta hasken wurin da hotuna suka hau juna ya ƙara wa wannan ya rage wa wancan. Sannan ya yi amfani da dabarar da Burt da Adelson suka fitar a 1983, wadda ke gauraya haske da launi a fili mai faɗi, amma ta gauraya ƙananan zane a siririn wuri don kada hoton ya yi dishi-dishi. Dabara ce mai kyau ƙwarai, amma tana da iyaka. Inda sama ta ƙone ta zama fari fat a hoto ɗaya, babu shuɗin da ya rage da za a dawo da shi. Rigakafin shi ne a kulle haske kafin a fara: a wayoyi da yawa, danna allo a riƙe yana kulle shi, a iPhone har za a ga rubutun AE/AF LOCK. A auna a ɓangaren da ya fi haske, a kuma yi sauri in akwai gajimare mai tafiya.

Na uku shi ne motsi. Ɗalibi ya ratsa fili tsakanin hoto na biyu da na uku, sai ya fito rabi, ko ya fito sau biyu. Shirin yana ƙoƙarin bi da layin yanka ta inda hotunan suka fi kama da juna, don haka yakan kewaye mutum in yana da wurin kewayawa. A nan ne yawan hawa juna ke da amfani. Kashi ɗaya cikin uku na faɗin hoto shi ne abin da aka fi bi, kuma ƙasa da haka yana matse shirin har ya yanke ta kan mutum. A Hugin ana iya zana wurin da ba a so a hoto ɗaya a ce a ɗauko shi daga ɗayan.

Akwai wani abu da ya kamata mai shiri ya sani: idan hoto ɗaya bai sami alamun haɗi da sauran ba, kamar wanda yawancinsa farin bango ne ko sama mai hazon hunturu, OpenCV yakan ajiye shi gefe ya haɗa sauran, kuma lambar ta dawo 0. Don haka a duba ko gefunan biyu na wurin duk sun fito. Idan kuma abin da ake ɗauka shimfiɗaɗɗe ne, kamar babbar taswira ko doguwar takarda da ake bi da kyamara sashe-sashe, a sauya cv2.Stitcher_PANORAMA da cv2.Stitcher_SCANS, domin an yi shi ne don kyamara mai tafiya a kan abu mai lebur.

Mai karatu, in fanoramarka ta fito da tabo, ka faɗaɗa hoton a wurin ka duba kafin ka taɓa shirin. In haske ne ya bambanta, akwai fatan gyara a kwamfuta. In mutum ne ya rabu, ka rufe shi a hoto ɗaya. In kuwa abin kusa ne ya karye alhali na nesa lafiya lau, kada ka ɓata dare a kansa: ka koma wurin, ka kulle haske, ka juya wayar a kan idonta, ka sake ɗauka.