Sabon Sikeli: An Tantance Shi Ko Saiti Kawai Aka Yi Masa?

Shin ma'aunin da aka ciro sabo fil daga kwali ya riga ya zama tantantacce? Ba lallai ba ne. Masana'anta takan yi masa saiti, ta haɗo shi da takardar da ke cewa ya cika ƙa'idar kamfani, amma wannan ba takardar tantancewa ba ce. Ta tantancewa tana ɗauke da lambar na'urar ita kanta, da ranar gwaji, da abin da ta nuna a kan kowane nauyi, da iyakar shakkun da ke cikin sakamakon, da kuma bayanin duwatsun awon da aka gwada ta da su. Ɗakunan gwajin da aka amince da su suna bin ƙa'idar ISO/IEC 17025, kuma sau da yawa sai mai saye ya nemi takardar ya biya kuɗinta daban.

Ko da saitin masana'anta ya yi kyau, wuri kan canza shi. Sikelin lantarki yana auna ƙarfin da ƙasa ke jan kaya da shi ne, wannan ƙarfi kuwa ba ɗaya ba ne a ko'ina: a Jamus ya kai kimanin mita 9.81 a sakan cikin sakan, a Kano kuwa kimanin 9.78. Sikelin da aka saita a Jamus, in aka ɗora masa dutsen kilo 10 a Kano, zai nuna wajen kilo 9.97. Giram 30 ba za su dami mai sayar da masara ba, amma kuskuren kashi 0.3 cikin ɗari ba abin wasa ba ne wurin mai awon zinariya ko mai haɗa magani. Shi ya sa ake tantance sikeli mai tsananin awo a inda zai yi aiki, bayan an girka shi ya zauna daram.

To, tantancewa tana nufin gyara? A'a. Mai tantancewa yana kwatanta abin da sikeli ya nuna da nauyin da aka tabbatar, ya rubuta bambancin, ko kusa ɗaya bai taɓa ba. A misalin nan zai rubuta cewa a kan kilo 10 sikelin yana rage giram 30. Mai shi na iya ci gaba da aiki yana ƙara wannan adadi a lissafi, muddin kuskuren bai wuce abin da aikinsa zai ɗauka ba.

Saiti aiki ne daban, na sa wa sikelin hannu har ya nuna kilo 10 cif. Kafin a yi shi sai an rubuta yadda aka same shi, domin da wannan ake gane ko awon da aka yi a baya yana da matsala. Bayan an yi kuma dole a sake tantancewa, tunda tsohuwar takardar ta daina bayyana halin sikelin. Danna maɓallin sifili ba ya wadatarwa, don sikeli na iya nuna sifili daidai alhali yana rage giram 30 ɗin nan idan aka ɗora masa kilo 10.