Kafin Ka Sayi Kwamfutoci Goma a Yakite

Ɗan kasuwar da zai buɗe shagon intanet a Yakite, cikin KM5 a Bangui, ya fara da lissafin wuta, domin lantarkin Boali ba ya wadatar garin.

A ce kwamfutar tebur da allonta na cin wat 100. Goma sun zama wat 1,000. Janareta mai wat 2,000 zai ɗauka har da fanka, amma firintar lesa na iya durƙusar da shi.

Idan kayan za su zo daga Duwala ta Garwa-Bulai, a sayi iri ɗaya, a ƙara biyu na ajiya. In ɗaya ta mutu, sai a ciri kayan gyara, ba sai an jira mota ba.