Delta Da Gamma: Yadda Kariyar Dillalin Hannun Jari Ke Zamewa

A shekarar 1973 aka buɗe kasuwar kwantiragin zaɓi ta birnin Chicago, kuma a wannan shekarar ce Fischer Black da Myron Scholes suka fitar da lissafin da ake yi wa irin wannan kwantiragi farashi da shi. Hajar da ake ciniki a wurin ta yi kama da kafin alƙalami: mutum ya biya ɗan kuɗi, ya sami damar sayen hannun jari a kan farashin da aka yanke kafin wa'adi ya cika. In ya ga riba ya saya, in bai gani ba ya bari, abin da ya biya kuma ya tafi ke nan.

Wanda ya sayar da kwantiragin shi ke kwana da fargaba. A ce dillali ya sayar da kwantiragi 10, kowane na hannun jari 100 kamar yadda ake yi a Amurka, wato 1,000 ke nan. Farashin da aka yanke dala 100 ne, haka kuma yake a kasuwa yau. Idan farashi ya tashi, dole ya nemo hannun jarin da tsada ya miƙa da araha.

Dabarar kariyarsa tana rataye ne a kan wani adadi da ake kira delta, wanda ke nuna nawa darajar kwantiragin ke motsawa idan hannun jari ya motsa da dala ɗaya. A nan delta 0.50 ne. Sai dillalin ya sayi hannun jari 500 ya ajiye. In farashi ya ɗan ɗaga, abin da ya rasa a kwantiragi sai ya fanshe a hannun jarin. In ya ɗan sauka, sai a yi akasin haka.

Matsalar ita ce delta ba ya zama wuri ɗaya. Duk lokacin da farashi ya hau, yiwuwar mai saye ya nemi haƙƙinsa na ƙaruwa, delta ya bi shi sama. Saurin wannan canji shi ake kira gamma. A ce gamma 0.04 ne, wato kowace dala ɗaya tana ƙara wa delta 0.04.

Kafin dillalin ya waiwayo, farashi ya kai dala 103. Delta ya koma kusan 0.62, kariyar da ta dace yanzu hannun jari 620 ce, shi kuwa 500 gare shi. Hannun jarinsa sun kawo masa dala 1,500, amma nauyin kwantiragin ya ƙaru da kusan 1,680. Ya yi asarar 180, alhali da safe lissafinsa daidai yake. Ya cike giɓin, ya sayi 120 a kan 103. Washegari farashi ya dawo 100, delta ya koma 0.50, ya sayar da 120 ɗin a kan 100. Kasuwa ta dawo inda take, shi kuwa dala 360 sun fita daga aljihunsa. Ga ƙa'idar asarar kowane zagaye a kan hannun jari ɗaya:

```
½ × gamma × (motsin farashi)²
```

Wannan ɗan 2 da ke sama shi ne abin tsoron. Da dala 6 farashin ya motsa maimakon 3, asarar za ta ninka sau huɗu, ta zama kusan 720.

To me ya sa wani zai yarda ya riƙa saye da tsada yana sayarwa da araha? Saboda an biya shi tun farko, kuma kowace rana da ta wuce darajar kwantiragin na raguwa, wanda riba ce gare shi. A misalin nan, in saura wata uku wa'adi ya cika, wannan ragi zai iya kai kusan dala 32 a ranar ciniki. Ranar da farashi bai motsa fiye da dala ɗaya da kwata ba ya ci. Ranar da ya wuce haka an ci shi. Gyara kariya a kai a kai na rage zamewar, amma kowane ciniki da ladansa, shi ya sa wasu ke gyarawa sau ɗaya a rana, wasu kuma sai giɓin ya kai iyakar da suka sa wa kansu. Kusa da cikar wa'adi, in farashi na dab da wanda aka yanke, gamma kan yi girma sosai, delta ya riƙa tsalle a kan motsi kaɗan.

Duk dabarar ta dogara ne a kan samun damar ciniki yayin da farashi ke tafiya sannu a hankali. Ranar 19 ga Oktoba 1987 ba a sami wannan dama ba. Manyan masu zuba jari da ke bin irin wannan tsari na sayarwa duk lokacin da farashi ya sauka sun yi ta sayarwa a lokaci guda, kuma ma'aunin Dow Jones ya faɗi da kashi 22.6 cikin ɗari a yini ɗaya.