Kuɗin ritayar Kawu: a dunƙule ko wata-wata?

Kwanan baya na je gida Janfalan, kawuna, malamin makaranta da ya kusa ajiye aiki, ya kira ni ɗaki ya ce, "Kai da ka yi jami'a, in karɓe kuɗina gaba ɗaya ne, ko in bari a riƙa ba ni duk wata?"

Na ce masa, Kawu, gaba ɗayan ma ba za a ba ku ba. A tsarin fansho na adashi, wanda Jihar Kaduna ta shiga a 2017, wani kaso ake ba mutum a dunƙule, sauran kuma dole a bar shi ya riƙa fitar da fansho. Don haka duk abin da aka ɗiba yau, daga na wata-wata aka rage shi.

Mu ɗauki misali kawai. A ce akwai naira miliyan 8 a asusunsa. In ya karɓi miliyan 2, saura 6, a ce suna ba shi 60,000 a wata. In ƙa'ida ta bar shi ya karɓi miliyan 4, fanshon zai sauko wajen 40,000. Wato ya sayar da 20,000 ta kowane wata ke nan.

To me zai yi da kuɗin? Shi noman tumatir yake so, irin na Ikara. Sai na tuna masa 2016, lokacin da tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kaduna da Kano. Matashi zai iya faɗuwa ya tashi, amma ɗan shekara 60 ba albashin da zai mayar masa da jari. Ga kuma 'yan uwa. Kun dai san mu, da an ji kuɗi sun shigo, kowa sai ya tuna da bikin 'yarsa.

Na wata-watan ma ba tudun mun tsira ba ne. In ya miƙa sauran ga kamfanin inshora, za a biya shi har ƙarshen ransa, ko da ya kai shekara 95. Sai dai yawanci adadin ba ya motsi, kasuwa kuwa tana gudu. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. A irin wannan shekarar, 60,000 ɗin sai ta koma sayen abin da 45,000 ke saya a da. Sannan garantin magada na shekara 10 ne: in ya rasu a shekara ta 6, za a ba su na shekara 4, bayan 10, babu komai. Kuma in an shiga, ba a komowa wurin kamfanin fansho, inda ragowar asusu ke zama gado.

Nan Kawu ya yi shiru, don autarsa tana aji uku a firamare. Shawarata ita ce ya karɓi daidai abin da zai rufe ɗakunan da ya fara da bashin da ke kansa, kuma kafin ya sa hannu ya nemi ɓangarorin biyu su rubuta masa nawa zai samu a wata. Ya ce sai ya tattauna da Inna tukuna.