Jadawalin Gantt: tsara aikin rijiyar burtsatse a unguwa

Jadawalin Gantt zane ne da ke nuna ayyuka da lokacinsu a kan takarda guda. An sa masa sunan Henry Gantt, injiniyan Amurka. Akan jera ayyuka a gefen hagu daga sama zuwa ƙasa, a rubuta makonni a sama. Kowane aiki sai a ja masa layi mai kauri daga makon farawa zuwa na gamawa, a rubuta sunan mai kula da shi.

Misali, kwamitin unguwa zai haƙa rijiyar burtsatse cikin mako 8. Tara kuɗi zai ci mako 1 zuwa 3, binciken wurin ruwa mako 4, haƙa mako 5 da 6, kafa tanki mako 7, sa famfo mako 8. Haƙa ba ya yiwuwa sai an gama bincike, don haka akan haɗa su da kibiya.

Idan mai haƙa ya makara da mako guda, ba a goge layin farko. A ƙarƙashinsa ake jan sabon layi da jan biro, mako 6 da 7. Tanki ya koma mako 8, famfo mako 9. Aikin da bai rataya a kan haƙa ba, kamar sayen bulo, yana nan inda yake. Kowace Asabar sakatare kan ja layin "yau" daga sama har ƙasa. Duk aikin da layinsa ya ƙare a hagu amma bai kammala ba, ya makara ke nan.