Tozo Ɗaya Ya Zama Biyu: Lissafin Motsin Igiya

Idan aka ɗaure doguwar igiya tamau tsakanin turaku biyu, aka kama tsakiyarta da yatsu aka ɗaga sama kaɗan, sai ta yi tozo. Da zarar an saki, me zai faru? Yawancin mutane za su ce tozon zai faɗo ne kawai ya koma inda ya fito. Ba haka abin yake ba. Tozon rabewa yake yi biyu, ɗaya ya nufi dama ɗaya ya nufi hagu, kowanne da siffar na farko amma da rabin tsayinsa. Saurin abin ne ya sa ido ba ya kama shi.

Wanda ya fara fito da wannan a lissafi shi ne Bafaranshen nan Jean le Rond d'Alembert, a aikin da ya yi a 1747 kan tsirkiya mai kaɗawa. Bari mu kira wuri a jikin igiya x, lokaci kuma t, sannan u ya zama nisan da wannan wuri ya ɗaga daga inda yake kwance. Ka'idar da ya samo ita ce:

u_tt = c² u_xx

Ɓangaren hagu yana nuna yadda saurin hawa ko saukar wani ɗan yanki na igiya yake canzawa. Na dama kuwa lanƙwasar igiyar ce a daidai wurin. Ma'anarta ke nan: inda igiya ta lanƙwashe, ɗaurin da aka yi mata yana jan wurin don ya miƙe, inda take miƙe sambal, ko da a karkace take, babu abin da ke jan ta sama ko ƙasa. Shi kuma c gudun da motsi ke yi ne a jikin igiyar, kuma abu biyu ke yanke shi: ƙarfin ɗauri T da nauyin kowace mita ta igiya μ, ta hanyar c² = T/μ. Igiya mai tamau motsi na gudu a kanta, mai nauyi kuwa yana jan ƙafa.

Dabarar d'Alembert ita ce lura da cewa duk wata siffa da ke tafiya da gudun c ba tare da ta sauya ba, ta cika wannan ka'ida. Mai tafiya dama ana rubuta ta F(x − ct), mai tafiya hagu G(x + ct). Alamar debewa tana rikita ɗalibai, don suna ganin kamar baya take nufi. A duba dai: idan ƙololuwar tozo tana inda x − ct ya zama sifili, to yayin da t ke ƙaruwa dole x ya ƙaru. Wato dama ta nufa. Duk motsin da igiyar za ta iya yi haɗin waɗannan biyun ne:

u = F(x − ct) + G(x + ct)

Saura a gano F da G, kuma yadda aka fara ne zai faɗa mana. A lokacin sakin igiya siffarta sananniya ce, mu kira ta f(x). Saboda haka F da G idan aka tara su dole su ba da f. Sharaɗi na biyu shi ne an saki igiyar ne tana tsaye cik, ba a doke ta ba. Don ta kasance cik a wannan lokacin, hawan da tafiyar F ke jawowa a kowane wuri sai ya yi daidai da saukar da tafiyar G ke jawowa, wanda ba zai yiwu ba sai siffofin biyu sun zama iri ɗaya. Abu biyu iri ɗaya da jimillarsu ta ba da f, ai kowanne rabin f ne:

u = ½ [ f(x − ct) + f(x + ct) ]

Mu gwada da alƙaluma. Igiya ce mai nauyin kilogiram 0.1 a kowace mita, an ɗaure ta da ƙarfin niyutan 40. Raba 40 da 0.1 ya ba da 400, saboda haka c mita 20 ne a sakan. An ɗaga tsakiya santimita 6, an danne igiyar a nisan mita ɗaya ta kowane gefe, sai tozon ya fito mai tsini kamar dala. Sannan aka sake ta gaba ɗaya.

Bayan sakan 0.025, kowane rabi ya matsa rabin mita. Don sanin tsayin tsakiya, sai a duba siffar farko a rabin mita ta dama da rabin mita ta hagu: santimita 3 nan, 3 can, matsakaicinsu 3. Abin sha'awa shi ne duk wurin da ke tsakanin waɗannan maki biyu amsarsa 3 ce, domin abin da gangaren ɗaya ya rage, hawan ɗayan ya mayar. Tsinin ya ɓace, saman tozon ya zama shimfiɗaɗɗe. A sakan 0.05 rabe-raben sun gama rabuwa, tsakiya ta kwanta, kuma ba za ta sake motsi ba sai wani abu ya dawo daga turaku. Wurin da ke mita 3 daga tsakiya kuwa bai san ana yi ba sai a sakan 0.1, lokacin da goshin tozon ya iso. Ya kai santimita 3 a sakan 0.15, ya kwanta a 0.2. A ganina nan ne wannan hanya ta fi daɗi: ba ka bukatar komai sai siffar farko da matsakaicin tsayi biyu.

Igiyar gaske tana da iyaka. Tozon da ya isa turke yana dawowa ne a kife, don bakin da aka ɗaure ba zai motsa ba. A lissafi, ana tsawaita f bayan turken da kifaffen hotonta, sai ka'idar ta ci gaba da aiki yadda take. Idan tsawon igiya L ne, bayan lokaci 2L/c komai ya koma siffar farko. Wannan zagaye shi ne sautin da ake ji idan makaɗi ya tsinki tsirkiyar gurmi ko molo: tsirkiya mai rabin mita da gudun mita 200 a sakan tana zagayawa sau 200 a sakan, kuma danna ta da yatsa rage L ne, sai murya ta hau.

Kuskuren da aka fi yi shi ne manta rabin nan. Gwajinsa mai sauƙi ne: sa t ya zama sifili, idan ba f ta fito ba akwai matsala. Haka kuma idan dukan igiyar aka yi, ta fara da gudu, to sai an ƙara wani kashi a ka'idar. Ita kanta ka'idar tana ɗauka cewa karkatar igiya kaɗan ce, ba ta da tauri, kuma iska ba ta rage mata ƙarfi. Shi ya sa a takarda sautin ba ya mutuwa, a kan waya mai kauri kuma tozon yana bajewa a hanya.

Tsinin dalar nan ma ya taɓa haddasa gardama. D'Alembert ya ce ka'idarsa ba ta hau kan siffa mai kusurwa ba, tunda ba a iya auna lanƙwasa a kan tsini. Leonhard Euler ya ce ta hau, ai haka ake tsinkar tsirkiya. Daniel Bernoulli ya shigo a 1753 da ra'ayin cewa duk motsin tarin kaɗawa ne masu santsi. Sai a ƙarni na 20 masana suka gina cikakken tsarin da ya halatta kusurwa a irin wannan amsa, kuma a kan batun tsinin, tsarin ya goyi bayan Euler.